Buhu Nawa Ne Ba Za Su Cika Kilo 50 Ba?

Duk injin da ke ɗura shinkafa a buhu yana da ɗan kuskure. Ko an rubuta kilo 50 a jiki, wani buhun ya zarce, wani ya gaza. Mai masana'anta ba zai auna kowanne ba, amma yana bukatar sanin buhu nawa cikin dubu ne za su gaza, domin su ne dillali zai dawo da su yana faɗa.

A ce an saita injin yana zuba kilo 50.25 a matsakaici. Idan aka jera nauyin buhuna masu yawa a zane, sai a ga siffar ƙararrawar da aka kife: akasari sun taru a tsakiya, kaɗan sun zube hagu da dama kamar jela. Abraham de Moivre ne ya fara fito da lissafin wannan siffa a 1733, amma sunan Gauss ne ya bi ta, bayan aikinsa na 1809 kan kurakuran auna taurari. Lamba biyu ke fayyace ta: matsakaici, wato μ, da ma'aunin warwatsuwa, wato σ, wanda ke nuna nisan da buhu kan yi daga tsakiya. A ce na wannan injin kilo 0.2 ne.

Ba a buga wa kowane inji jadawalinsa. Jadawali ɗaya ne tak, na ƙararrawar da matsakaicinta sifili, warwatsuwarta ɗaya, sai kowa ya mai da awonsa zuwa gare shi. Dabarar ita ce a daina ƙirga da kilo, a koma ƙirga taki, kowane taki kuwa σ guda ne:

z = (x − μ) / σ

Kilo 50 a cire 50.25, saura −0.25. A raba da 0.2, a samu −1.25. Ke nan iyakar kilo 50 tana taki ɗaya da kwata ƙasa da tsakiya, kuma duk buhun da ya faɗa bayanta ya gaza.

Sai a buɗe jadawali. A gangara gefen hagu har layin 1.2, a bi shi zuwa ƙarƙashin 0.05, a tarar da 0.8944. A nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, su kwafe lambar a matsayin amsa. Lambar tana faɗin kason da ke ƙasa da +1.25 ne, alhali jelar ake nema. Da yake ƙararrawar gaba ɗaya ɗaya ce, a cire 0.8944 daga 1, saura 0.1056 a jelar dama. Ɓangarorin biyu kuwa daidai suke, don haka jelar hagu, ƙasa da −1.25, ita ma 0.1056 ce. Wato kusan buhu 106 cikin dubu, fiye da ɗaya cikin goma, ba su cika ba, ga injin da mai shi zai rantse yana yin gyara.

Jadawalin ma iri-iri ne. Wani daga tsakiya yake fara ƙirga, a gurbin nan sai ya nuna 0.3944, a cire shi daga 0.5, amsa ta fito ɗaya. Gane su ba wuya: a dubi z = 0. In an ga 0.5000, na farkon ne, in 0.0000 ne, na biyun. Wanda ya zana 'yar ƙararrawa ya shafe jelar da yake nema kafin ya taɓa jadawali, da wuya ya ɓace. Ya kuma riƙe cewa bayan taki ɗaya kusan kashi 16 cikin ɗari ne ke saura, bayan taki biyu kusan kashi 2. Amsar −1.25 dole ta faɗa tsakaninsu.

Yanzu mai masana'anta yana da zaɓi. In ya ɗaga saitin zuwa 50.4, z ta zama −2, jadawali ya ba da 0.9772, jela 0.0228: buhu 23 cikin dubu, amma ya ƙara giram 150 kyauta a kowane buhu. In kuwa ya gyara injin warwatsuwa ta sauka zuwa 0.1, saitin na nan a 50.25, z ta zama −2.5, jela 0.0062: buhu 6 kacal, ba tare da ƙarin ƙwaya ɗaya ba. Gyaran ya fi.

Sharaɗin dai shi ne awon ya bi siffar ƙararrawa da gaske. Kuɗin shigar jama'a ba ya bin ta, domin 'yan tsirarun attajirai suna ja da jelar dama nesa. Haka idan aka gauraya buhunan inji biyu masu saiti daban, zanen na iya fitowa da tozo biyu, amsar jadawali ta zama ba daidai ba. Kafin a lissafa z, a auna buhunan kowane inji daban, a zana su, a tabbatar tozo ɗaya ne a tsakiya.