Sidi biyar ta zama 124: labarin wani tsohon ɗalibina da cacar ƙwallo

Wata ranar Lahadi bayan sallar Isha'i, wani saurayi ya tare ni a ƙofar gidanmu a Kanda. Na koya masa lissafi a ƙaramar sakandare shekarun baya, yanzu kuma yana tsaron shagon waya a Circle. Ba zan ambaci sunansa ba, domin da izininsa nake ba da labarin, kuma sharaɗin da ya kafa ke nan. Bayan mun gaisa ya yi shiru, sannan ya ce: "Ticha, aron sidi 600 nake nema kafin Laraba. Idan ban samu ba, aikina ya tafi."

Na ce ya shigo mu zauna. Kuɗin na wani mai sayen waya ne da ya ba da kafin alƙalami, shi kuma ya zuba su a wasannin ƙarshen mako da niyyar ninkawa ya mayar kafin maigidansa ya lura. Ba su dawo ba.

Abin ya faro ne wata bakwai kafin wannan daren, a wata majalisar shan ataya a Nima inda samari ke kallon wasannin Firimiya. Wani abokinsa ya buɗe masa asusu a waya, ya ce ya gwada da sidi biyar kawai, kuɗin da bai kai na kwanon wake da shinkafa ba. Ya zaɓi wasanni biyar a tikiti ɗaya, duka suka shiga. Kafin ya kwanta, kusan sidi 124 ta faɗo masa a Momo. Ya saya wa mahaifiyarsa koko da ƙosai da safe, ya biya wa abokai ataya, ya hau tasi zuwa aiki maimakon turotiro.

"Wallahi Ticha, ranar na ga kamar na gano wata ƙofa da kowa ke wucewa bai gani ba," in ji shi. "Ai na san ƙwallo."

Daga nan biyar ta koma ashirin, ashirin ta koma hamsin. Albashinsa sidi 1,500 ne a wata, kuma yakan ba mahaifiyarsa 300 ta zuba adashi. A wata na huɗu ya fara ce mata ba a biya su da wuri ba. A wata na biyar ya ci bashin waya, wanda ake dannawa kuɗi su shigo nan take a biya da ruwa. Bai ƙara jin daɗin kallon wasa ba: idonsa na kan waya, yana jiran wata ƙungiyar da bai taɓa jin sunanta ba ta ci ƙwallo a minti na tamanin da tara.

Ban yi masa wa'azi ba. Ya yi makaranta, ya san hukuncin caca a Suratul Ma'ida tun yana yaro, kuma wannan sanin ne ya sa yake ɓoyewa. Abin da bai sani ba shi ne lissafin. Sai na ɗauko takarda da biro kamar muna aji.

Na ce masa, ɗauki wasan da ɓangarorinsa biyu suke kunnen doki, misali ko za a ci ƙwallo uku zuwa sama ko ba za a kai ba. Da adalci ake bi, wanda ya sa goma ya ci zai karɓi ashirin. Amma kamfani yakan rubuta kamar 1.90 a kowane ɓangare. Kai ka sa goma a nan, ni na sa goma a can: kamfani ya karɓi ashirin, ya biya wanda ya ci sha tara, ya riƙe ɗaya. Ko wa ya ci, wannan ɗayar tasa ce. Shi ba caca yake yi ba, kasuwanci yake yi.

Sannan muka koma kan tikitinsa na farko. Wasa biyar, kowanne kamar jefa kwabo ne, wato damar duka su shiga ɗaya ce cikin 32. Da babu rabon kamfani, sidi biyar ɗinsa 160 za ta ba shi. An ba shi 124. Ko a daren da ya fi kowane dare farin ciki, an yanke masa sidi 36 bai sani ba. Kuma duk wasan da ka ƙara a tikiti, rabon kamfani ƙaruwa yake yi: a tikitin wasa biyar irin wannan, cikin kowace sidi ɗari da jama'a suka zuba, kusan 77 ke komawa hannunsu. A na wasa goma, kusan 60.

Sai ya ce abin da duk mai betin ke faɗa: "Amma Ticha, sau da yawa wasa ɗaya tak ke yanke min tikiti. Ina dab da ci."

Nan ma lissafi yana da amsa. A tikitin wasa biyar, hanya ɗaya ce kawai ta cin duka, amma hanyoyin da huɗu za su shiga ɗaya ta faɗi guda biyar ne. Ke nan "saura ɗaya" zai zo maka sau biyar kafin ci ya zo sau ɗaya. Haka aka gina abin. Kai kana ganin ka kusa, alhali kuɗinka sun tafi daidai da na wanda bai ci ko wasa ɗaya ba.

Abu na ƙarshe da na nema shi ne ya buɗe tarihin Momo ɗinsa. Ya rantse min cewa idan aka haɗa ci da faɗuwa, bai yi asara mai yawa ba. Muka yi layi biyu, na abin da ya tura da na abin da ya ciro. Mun kai ƙarfe sha ɗaya muna tarawa. Ya tura sidi 4,300, ya ciro 1,150. Kowane ci yana tuna ranarsa da ƙungiyoyinsa, amma ashirin-ashirin ɗin da suka zube bai tuna ko ɗaya ba. Ya daɗe yana kallon takardar, ya ce: "Albashina na wata biyu ke nan."

Caca halal ce a dokar Ghana ga wanda ya kai shekara 18, kuma akwai hukumar da ke ba kamfanonin lasisi ƙarƙashin dokar 2006. A watan Agusta 2023 gwamnati ta fara cire kashi 10 cikin ɗari daga abin da mutum ya ci, aka soke harajin a watan Afrilu 2025. Na ga samarin unguwa suna murnar sokewar. Sai dai rabon kamfani da ke cikin lambobin nan yana nan yadda yake, kuma shi ne ke cin aljihu kullum.

Ban ba shi kuɗin a hannu ba, don na san inda za su iya ƙarewa kafin Laraba. Washegari bayan na tashi daga makaranta muka je Circle tare, ya faɗa wa maigidansa gaskiya da bakinsa. Mutumin ya yi faɗa sosai, ya ce da ɗan wani ne da 'yan sanda za su raba su. A ƙarshe ya yarda zai riƙa cire 200 daga albashinsa har wata uku, kuma ba zai ƙara taɓa kuɗin shago ba. Ya goge manhajar a gabana, yayarsa kuma ita ke karɓar kason adashi ranar da aka biya shi.

Ban ce ya warke ba. Makonni uku bayan haka ya kira ni ya ce ya ba wani abokinsa sidi goma ya buga masa, tikitin ya yanke. Na ce ya rubuta goman a takardar nan tamu, a layin hagu. Mahaifiyarsa har yau ba ta san dalilin da adashinta ya yi giɓin wata uku ba, kuma ya ce shi zai faɗa mata da kansa idan ya gama biyan maigidansa.