Bayan An Naɗe Tabarmar Makoki: Yadda Ake Tsaya Wa Uban Da Ba Ya Kuka

A ƙasar Hausa an tanadar wa uwa wurin kuka. Idan ɗanta ya rasu, mata za su cika ɗakinta, wata ta rungume ta, wata ta kwana da ita, ƙanwarta ko ƙawarta ta karɓi girki na kwanaki. Uba kuwa tabarmar ƙofar gida ce wurinsa. Daga dawowa daga maƙabarta zai zauna yana miƙa hannu, ana ce masa "Ya haƙuri?" yana cewa "Da godiya." Haka zai yi ta maimaitawa har kwana uku, a wasu gidajen har bakwai. Ranar da aka naɗe tabarma kowa ya koma harkarsa, mutane su tafi suna yabonsa cewa mutumin nan akwai tawakkali, ko hawaye bai yi ba. Sau da yawa a wannan ranar ce makokinsa na gaskiya yake farawa, kuma a lokacin babu kowa kusa da shi.

Abin ya fi tsanani idan mamacin ɗan fari ne. Al'adar kunya ta sa uba da yawa ba su taɓa kiran sunan ɗan farinsu ba, ba su taɓa wasa da shi a gaban jama'a ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana cewa "yaron nan" ba zai tashi rana ɗaya ya buɗe baki ya ce yana kewarsa ba. Wanda ya zo ya tsare shi da "Faɗa min abin da ke ranka" ya ɗora masa nauyin da bai san yadda ake ɗauka ba. Zai ce "Ba komai, Allah ne ya karɓi abinsa," kuma daga ranar zai fara kauce wa mai tambayar.

Shirun nan ba rashin ƙauna ba ne. Wasu masana biyu a Amurka, Kenneth Doka da Terry Martin, sun yi bayani a wani littafinsu na shekarar 2000 cewa mutane ba sa jimami iri ɗaya. Akwai wanda baƙin cikinsa yake fitowa ta kuka da magana, akwai kuma wanda nasa yake fitowa ta tunani da aiki: ya shiga gyaran wani abu, ya bi sawun bashi, ya tsaya kan hidimar iyali. Sun nuna cewa salon na biyu ya fi yawa a cikin maza, ko da yake akwai matan da suke haka, kuma ba cuta ba ne da za a ce sai an warkar. Wannan bayani ya dace da abin da muke gani a unguwanninmu. Saboda haka burin mai taimako kada ya zama sai ya sa uban ya yi kuka. Burin shi ne kada mutumin ya kasance shi kaɗai, kuma ya san akwai inda zai yi magana duk ranar da ya ga dama.

Kalmar da aka fi yi wa mai makoki ita ce "In kana buƙatar wani abu ka faɗa min." Da zuciya ɗaya ake faɗarta, amma kusan ba ta taɓa aiki a kan irin wannan uba. Ta bar masa aiki uku: ya zauna ya gano me yake buƙata, ya yarda cewa ya gaza, sannan ya ɗauki waya ya roƙa. Magidancin da ya saba shi ake roƙo ba zai yi ko ɗaya ba. Maganar da take shiga ita ce wadda ta ambaci aiki ɗaya takamaimai, ta sa masa lokaci, ta kuma bar masa hanyar cewa a'a ba tare da jin nauyi ba.

Mu ɗauki misali. Wani magidanci mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ya rasa ɗan farinsa a haɗarin babur. Mako guda da rasuwar ya koma rumfa, yana fita kafin rana ta fito, yana dawowa bayan isha'i. Ƙaninsa ya lura ya rame, amma ya san halin yayansa. Sai ya same shi bayan sallar asuba ya ce, "Yaya, ranar Asabar zan biya wajen bakanike, zan ɗauke babur ɗin nan daga zaure in kai masa. In kana so a bar shi tukuna, sai a bar shi." Babur ɗin shi ne abin da uban yake gani kullum idan zai fita, kuma babu wanda ya iya taɓa shi. Ƙanin bai tambayi yadda yake ji ba. Ya cire masa wahalar yanke shawara, amma bai ƙwace masa iko ba. Ko da yayan ya ce "A bar shi," an samu riba, domin ya faɗi abin da yake so, kuma ya ga ana iya ambaton kayan yaron a gabansa.

Bayan mako biyu ƙanin ya sake zuwa. "Yaya, akwai mai shagon caji da ya ce yaron nan ya bar masa ɗan bashi. Zan je in biya gobe bayan la'asar, mu tafi tare ko in je ni kaɗai?" A nan akwai hikima babba. Tun a wurin jana'iza ake sanar da cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo, don haka biyan bashi aiki ne da uba zai yi wa ɗansa ba tare da kowa ya ce ya karaya ba. Haka zancen sadaka a madadinsa, kamar sayen butoci ko tabarma a masallacin unguwa, ko gyaran famfon da ya lalace. Uban da ba zai iya cewa yana son ɗansa ba zai iya tsayawa a rana yana kallon mai gyara yana ɗaura famfo, kuma shi ya san dalilin tsayuwarsa.

Wurin da ake maganar ma yana da tasiri. Zama fuska da fuska a falo, an rufe ƙofa, yana sa mutum ya ji kamar ana tuhumarsa. A cikin mota kuwa, ko a hanyar dawowa daga masallaci, ko a gona ana duba shuka, kowa yana kallon gabansa, kuma shiru ba ya zama abin kunya. A irin wannan tafiya ce wata rana yayan zai ce, "Ranar da safe ya ce in ba shi kuɗin mai, na yi masa faɗa." Wannan ita ce maganar da ta hana shi barci. Mafi yawanmu nan take za mu ce "Haba Yaya, daina wannan tunani, kwanansa ne ya ƙare." Gaskiya ne kwana ya ƙare, kuma shi ma ya sani, amma amsar ta rufe bakinsa. Abin da ya fi shi ne a ɗan yi shiru, sannan a ce, "Abin yana dawo maka kenan." In ya ci gaba a saurara, in ya canja zance zuwa farashin masara a bi shi can. Kada kuma gobe a tada masa maganar, kada a kai ta cikin gida. In ya ji ta a bakin wani, ba zai ƙara ba.

Ina da ƙorafi kan yadda muke amfani da wa'azi a nan. Tunatar da mai makoki haƙuri abu ne mai kyau, amma idan duk lokacin da ya nuna alamar rauni aka jefa masa "ka yi haƙuri," abin da zai fahimta shi ne damuwarsa ƙarancin imani ce. Alhali ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, har Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki, aka bayyana masa cewa wannan rahama ce. Suratu Yusuf ta ba da labarin yadda idanun Annabi Yakubu suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa. Sannan da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, umarnin da aka bayar shi ne a dafa wa iyalinsa abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Taimako na aiki yana da asali a addini. In akwai malamin da uban yake girmamawa, ya fi kyau irin wannan tunatarwa ta fito daga bakinsa, a keɓe.

Akwai kuma matar gida, wadda sau da yawa take fassara shirun mijinta da rashin damuwa, shi kuma yana ganin in ya nuna rauni ita za ta ƙara rushewa. Yayarsa ko gwaggon yaran tana iya gaya mata cewa fitar sassafen nan da yake yi gudun ɗakin yaron ne. Ita ma in za ta yi masa magana, gajeriya ta fi: "Malam, na ajiye maka kunu, ko kaɗan ka sha." 'Ya'yan da suka girma kuma suna iya neman shawararsa kan abin da suka san ya iya, kamar "Baba, zo ka duba mana rufin nan kafin damina." Ana nuna masa har yanzu shi uba ne, kuma ana buƙatarsa.

Sai dai wannan hanya ta lallaɓawa tana da iyaka, kuma dole mai taimako ya san inda take tsayawa. Rashin barci, rashin cin abinci da saurin fushi a makonnin farko ba abin tsoro ba ne. Abin lura shi ne alkiblar da al'amarin yake bi. Idan watanni suna wucewa yana ƙara ramewa, ya daina zuwa jam'i da majalisar da ya saba, ya bar shan maganin hawan jini ko na ciwon suga, kasuwarsa ta tsaya, ko ya fara neman barci da ƙwayoyi, to lallashi kaɗai ba zai isa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jimamin da ya daɗe ya hana mutum gudanar da rayuwarsa cikin jerin cututtukan da ake dubawa, kuma ana fara la'akari da shi ne idan ya kai aƙalla wata shida, tare da duba al'adar mutanen wurin. Ko a nan ma maganar aiki ce take buɗe hanya. "Yaya, ranar Litinin zan je a auna min jini, mu je a auna naka" ta fi saurin karɓuwa a kan "Kana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa." A gaban likita sai a ambaci rasuwar da rashin barcin, shi zai san inda zai tura shi. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri.

Yanayi ɗaya ne ba a kewaye-kewaye a cikinsa. Idan ya fara cewa gara shi ma ya bi yaron, ko rayuwarsa ba ta da sauran amfani, ko aka ga yana raba kayansa yana sallamar mutane ba dalili, a tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta dasa wa mutum wannan tunani. In ya amsa da e, ko ya kasa musantawa, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari na gona, da tarin ƙwayoyi, da duk wani makami daga inda hannunsa zai kai, a sanar da babban ɗan'uwa guda da yake jin maganarsa, sannan a kai shi asibiti a ranar.