Kafin a ɗaura janareta a bayan babur

Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, wanda ya cika kasuwannin Kano da Kaduna, yana ɗauke da lamba 950 a jikinsa. Masu saye da yawa sun ɗauka ƙarfinsa ke nan. Alhali abin da yake iya bayarwa in ya daɗe yana aiki wat 650 ne kacal.

Yawancin janareta lamba biyu gare su. Akwai ƙarfin ƙoli, wanda injin ke kaiwa na ɗan lokaci, akwai kuma ƙarfin aiki, wanda yake iya riƙewa sa'o'i. Na biyun shi ne abin dubawa. Idan kuma kVA aka rubuta, bisa al'ada ana ɗaukar kashi 80 cikin 100, wato mai 2.5 kVA yana ba da wat 2,000.

A ɗauki misalin mai shagon lemo da ruwan sanyi. Firizarsa tana cin kimanin wat 150, fanka biyu 140, ƙwan lantarki huɗu 40, talabijin 80. Jimla 410, kamar ma ƙaramin zai wadatar. Sai dai duk lokacin da injin firiza zai tashi, yakan fizgi ninki uku ko huɗu na abin da ya saba ci, lissafin ya haura 700. Alamar ba ta ɓuya: janareta ya yi nishi, fitilu su dushe, firiza ta yi ƙyas ta kasa tashi, a kwana a tashi injinta ya ƙone. Mai 1.5 kVA, wato wat 1,200, shi ya dace da wannan shago. In kuwa za a jona dutsen guga, wanda shi kaɗai ke cin wat 1,000 ko fiye, sai a koma mai 2.5.

Sayen wanda ya wuce buƙata ma asara ce, musamman tun da aka cire tallafin fetur a Nijeriya a 2023. Mai 2.5 kVA yana shan kusan lita ɗaya a sa'a, kuma ko fitila ɗaya aka kunna, injin sai ya sha na juya kansa.

Sa'o'in aikin da ke jikin kwali, galibi da rabin lodi aka auna su. Tanki mai lita 15 zai ƙare tun kafin lokacin idan aka cika wa injin kaya.

Ƙara kuma da desibel ake auna ta, daga nisan mita bakwai. Buɗaɗɗen janareta yakan kai 70, rufaffe mai inbata yakan tsaya ƙasa da 60, kuma tazarar desibel goma a kunne ninki biyu ce. Duk yadda maƙwabta suka yi ƙorafi, kada a shigar da shi ɗaki ko zaure a rufe, domin iskar guba da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma tana kashe mutane cikin barci.