Abin da ya kamata a tambayi mai sayar da na'urar wasa ta hannu kafin a biya kuɗi

MAIDUGURI: A unguwar Gamboru da kewayenta, masu shagunan buga wasan ƙwallo a talabijin kan dogara ne da na'urorin PlayStation 4 na hannu, saboda sababbi sun fi ƙarfin jarin mafi yawansu. Kamfanin Sony ya fito da wannan na'ura a watan Nuwamba na shekarar 2013, don haka wadda za a samu a kasuwa yau mai yiwuwa ta ratsa hannun mutum biyu ko uku. Galibin cinikin kuma ta WhatsApp ake ƙulla shi, inda mai kaya kan nemi kafin alƙalami tun mai saye bai ga kayan ba. Saƙon farko da mai saye zai aika shi ne babbar garkuwarsa.

Abu na farko da ya wajaba a fahimta shi ne, wasannin da aka saya ta intanet ba mallakar na'urar ba ne, mallakar asusun wanda ya saye su ne. Muddin mai asusun ya naɗa na'urar a matsayin babbar na'urarsa, kowa na iya buga wasannin a kanta. Amma yana da ikon janye wannan naɗi daga nesa, ta shafin kamfanin Sony, sau ɗaya a cikin wata shida. Idan ya yi haka, da zarar na'urar ta hau intanet sai alamar kwaɗo ta bayyana a kan wasannin, su ƙi buɗewa. Saboda haka wanda ya ƙara kuɗi don an ce masa na'ura cike take da wasanni, ya biya kuɗin abin da bai zama nasa ba.

Ga misalin saƙon da ya dace:

“Assalamu alaikum Malam, barka da kasuwa. Na ga na'urar da ka sa a kasuwa, kuma ina da bukata. Don Allah kafin mu yi ciniki, ka turo mini hoton takardar jikinta mai lambar CUH, da hoton bayanta inda hatimi yake. An taɓa buɗe ta ko gyara ta? Ruwa ya taɓa shigarta? Ka ɗauko mini bidiyo tana cikin wasa bayan rabin awa da kunnawa, in ji ƙarar fankarta, in kuma ga ta karɓi faifai ta fito da shi. Hannun wasa nawa ne, kuma na asali ne? Akwai wayar wuta da ta HDMI da ta caji? Wasannin na faifai ne ko na asusunka? Ina so ka cire asusunka ka goge ta a gabana, sannan in biya. Na gode, Allah ya ba da sa'a.”

Kowace tambaya a nan tana da dalilinta. Lambar CUH ita ke bayyana samfurin. Wadda ta fara da CUH-1 ita ce ta farko mai kauri, CUH-2 ita ce siririya da ta fito a 2016, CUH-7 kuwa ita ce Pro, wadda ta fi su ƙarfi da tsada. Hatimin da aka yage yana nuna an buɗe cikin na'urar. Wannan ba lalle ne ya zama aibi ba, domin a gari mai ƙura irin Maiduguri akan buɗe ta don shara, amma dole ne mai kaya ya faɗi abin da aka yi mata.

Tambayar ruwa tana da nauyi na musamman a nan. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024 ta mamaye unguwanni da dama na birnin, ciki har da Gamboru. Na'urar da ta sha ruwa tana iya kunnuwa bayan ta bushe, sai dai tsatsa na ci gaba da cin cikinta a hankali. A duba bakin ramukan HDMI da na USB da kawunan ƙusoshi, ko akwai tsatsa ko busasshen taɓo.

Dalilin neman bidiyo bayan rabin awa kuwa shi ne, na'ura mai matsalar zafi takan yi lafiya lau a mintunan farko. Sai wasa ya yi nisa fankarta ke ruri, wani lokaci ta nuna gargaɗin zafi ta mutu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maiduguri ke haura digiri 40, irin wannan ba za ta yi wa mai shago aikin yini ba. Shi ma hannun wasa a gwada shi: idan aka saki sandunansa amma ɗan wasa yana tafiya da kansa a allo, sandar ta lalace.

Dangane da cire asusu, matakai biyu ne, kuma a jere ake bin su. Mai kaya zai fara haɗa na'urar da intanet, ya shiga asusunsa ya janye naɗin, daga nan ya goge komai:

```
Settings > Account Management > Activate as Your Primary PS4 > Deactivate
Settings > Initialization > Initialize PS4 > Full
```

Zaɓin Full yakan ɗauki sa'o'i, don haka a tanadi wutar da ba za ta yanke ba, kasancewar ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya ɓata manhajar na'urar. Idan lokaci ya ƙure, zaɓin Quick ma yana cire asusun cikin ɗan lokaci kaɗan. Wannan mataki kariya ce ga mai sayarwa shi ma, domin asusun da aka bari na iya ɗauke da bayanan katin bankinsa.

Bayan gogewa, mai saye ya shiga da nasa asusun nan take. Idan saƙo mai lamba WS-37338-4 ya fito, to kamfanin Sony ya dakatar da ita kanta na'urar daga dandalinsa, kuma sabon asusu ba ya warware wannan. Har ila yau, akwai na'urorin da aka fasa kariyar manhajarsu aka loda musu wasanni. Irin waɗannan ba a sabunta su, kuma gogewa tana tafiya da wasannin, don haka duk mai kayan da ya ƙi yarda a goge ko a hau intanet, sai a tambaye shi dalili.

A ɗauka, a matsayin misali kawai, mai kaya ya sa naira 200,000 kan siririyar na'ura da hannu biyu da wasanni takwas. Amsarsa ta nuna cewa biyu ne kacal na faifai, shida na asusunsa ne, kuma hannu ɗaya yana da matsalar sanda. Abin da ake ciniki a kansa ke nan ya koma na'ura da hannu ɗaya mai lafiya da faifai biyu. Mai saye zai tambayi farashin waɗannan a shago biyu ko uku, ya yi tayi a kan haka, ya kuma ware kuɗin gyaran hannu da na wasan ƙwallon da shagonsa zai dogara da shi.

Daga ƙarshe, a haɗu a shagon mai gyara, a gwada, a goge, sannan a tura kuɗi. A rubuta lambar jikin na'urar a kan rasit, a kuma ajiye saƙonnin da aka yi musaya, domin su ne hujja a gaban shugabannin kasuwa idan gardama ta taso.