Kuɗi sun shigo, bayan kwana uku sun koma

Mai shago ya sayar da buhun shinkafa, naira dubu 80 suka shigo asusunsa, ya gani da idonsa. Bayan kwana uku banki ya cire kuɗin.

Ga yadda hakan ke faruwa. Bankin mai karɓa ya zuba kuɗin, amma saƙon tabbatarwa bai koma wa bankin mai aikawa ba, sai wancan ya ɗauka aikin bai yiwu ba. Da bankunan biyu suka zo daidaita lissafi, aka ga saɓani, aka mayar wa mai aikawa.

Abin takaici, kaya sun riga sun tafi. Sai mai shago ya karɓi takardar bayanin asusunsa da lambar hada-hadar, ya nuna wa mai saye, ya nemi a sake biyansa.