Baƙin mai mai kauri da numfashin injin motarka

Jama'a masu hawa Corolla da Camry, kun san abin da rubutun VVT-i da ke kan murfin injinku yake nufi? Rashin saninsa na jawo wa mutane asarar kuɗi a gareji.

Kowace silinda tana da ƙofofi iri biyu da ake kira bawul: na shigar iska da mai, da na fitar hayaƙi. Mai buɗe su shi ne kamshaf, wani sandan ƙarfe mai ƙusumbi-ƙusumbi. Yana juyawa, ƙusumbin ya danna bawul ya buɗe, sifirin ya mayar da shi. Sarƙar taimin ko bel ke haɗa shi da karanshaf, kuma sai karanshaf ya zaga sau biyu kafin kamshaf ya zaga sau ɗaya. Idan inji na juyi 3,000 a minti, kowane bawul na buɗewa sau 25 a daƙiƙa guda.

A tsofaffin injuna lokacin buɗewa da rufewa ba ya sauyawa, alhali buƙata tana sauyawa. In ana sheƙa gudu, iska na shigowa da ƙarfi, don haka jinkirta rufe bawul ɗin shiga yana ƙara cika silinda. In kuwa ana jan kaya a hankali, wannan jinkirin sai ya sa fistin ya koro iskar baya, ƙarfi ya ragu. Tsarin VVT-i, wanda Toyota ta fito da shi a 1995, yana ɗan murɗa kamshaf gaba ko baya gwargwadon hali.

To, da me yake murɗa shi? Da baƙin mai. Ƙwaƙwalwar mota ce ke ba wani solonoid umarni, shi kuma ya tura man ta wasu siraran hanyoyi zuwa giyar da ke kan kamshaf. Ɗauki Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ-FE: man 5W-30 aka tsara mata. Sai ka ji an ce ƙasarmu da zafi, a zuba 20W-50. Wannan shawara ba ta dace da irin wannan inji ba, domin mai mai kauri yana jinkirin isa giyar, musamman da sanyin safiya. Wanda ya daɗe ba a juye ba kuwa ya fi muni, don dauɗarsa na toshe 'yar matatar da ke tace man solonoid.

Alamomin su ne ƙarar kaca-kaca da zarar an tayar da mota, karkarwa a silo, shan fetur, da kunnuwar fitilar inji. In aka jona kwamfuta, sau da yawa takan nuna P0011 ko P0012.

Kada ka yarda a cire soket ɗin solonoid ko a rufe fitilar, kuma kada a yi gaggawar sauke inji. A fara duba yawan baƙin mai, a wanke matatar, a gwada solonoid. Sannan ka riƙa sayen man da littafin motarka ya ambata, a rufe cikin galan ɗinsa.