Me Ya Sa Ba a Cewa "Sir Bello"? Yadda Turanci Ke Ɗaura wa Manya Laƙabi

A shekarar 1959 Sarauniyar Ingila ta ba Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, lambar girman da ta sa ake rubuta *Sir* a gaban sunansa. A shekarar da ta biyo baya aka ba Abubakar Tafawa Ɓalewa irinta. Duk wanda ya taɓa duba tsofaffin jaridun Turanci na wancan zamani zai ga ana rubuta *Sir Ahmadu* da *Sir Abubakar*, ko kuma a jero sunan gaba ɗaya. Abin da Baturen da ya san yarensa ba zai rubuta ba shi ne *Sir Bello* ko *Sir Balewa*. Wannan laƙabin sunan yanka yake bi, ba ya zama a kan sunan uba shi kaɗai.

Bahaushe ba zai ga wani abin mamaki a nan ba, domin haka shi ma yake yi. Malam Aminu ake cewa, ba Malam Kano ba. Alhaji Shehu, Hajiya Gambo, duk sunan mutum na kansa ne ke biyo bayan laƙabin. To amma a Turanci *Sir* da takwararsa ta mata, *Dame*, su ne 'yan tsirarun da suka saɓa wa ƙa'ida. Sauran laƙuban yau da kullum, wato *Mr* da *Mrs* da *Ms* da *Dr* da *Professor*, sunan ƙarshe suke bi. Daga nan yawancin tuntuɓen masu rubuta wasiƙa da katin gayyata yake farowa: an ɗauko tsarin Hausa an sa masa rigar Turanci.

A ɗauki Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015. A Hausa, wanda ya ce Farfesa Attahiru bai yi laifi ba. Amma mai buɗe wasiƙar Turanci *Dear Professor Jega* zai rubuta. Idan ya sa *Dear Professor Attahiru*, ɗan Najeriya zai wuce bai ko lura ba, amma jami'in wata jami'a a Landan zai ji kamar an haɗa girmamawa da sabo wuri guda, kamar a durƙusa wa mutum ana kuma dafa kafaɗarsa. Kasancewar Jega sunan gari ne a Jihar Kebbi bai canja komai ba. Turanci bai damu da ko sunan uba ne, ko na kaka, ko na gari ba. Abin da mai sunan ya ajiye a ƙarshe a takardunsa shi ake ɗauka.

A wajen mata akwai ƙarin tarko. A al'adar Turawa, *Mrs* sunan gidan miji take bi, alhali mace Bahaushiya sau da yawa sunan mahaifinta take riƙewa ko bayan aure. Idan aka manna mata *Mrs* a kan sunan uban, baƙon da bai san gidan ba zai ɗauka sunan mijinta ne. Maganin wannan shi ne *Ms*, wadda ba ta tona ko mace na da aure ko ba ta da shi. Da ita Majalisar Ɗinkin Duniya ke rubuta sunan Amina J. Mohammed, mataimakiyar Babban Sakatare tun 2017. Idan kuwa mace na da digirin digirgir, kamar Ngozi Okonjo-Iweala, *Dr* ta wadatar, maganar aure ma ba ta taso ba.

Sai likitoci. Likitan asibiti da mai digirin digirgir duk *Dr* ne, kuma ana zaɓar ɗaya ne tsakanin laƙabin gaba da haruffan baya: ko a sa *Dr* a farko, ko a sa *PhD* a ƙarshen suna, ba duka biyun ba. Abin da ke rikita ɗan Najeriyar da ya je jinya Birtaniya shi ne ya tarar da babban likitan da zai yi masa tiyata ana kiransa *Mr*. Sai ya fara tunanin ko an haɗa shi da wanda bai gama karatu ba. Akasin haka ne. A can, likitan da ya ci jarrabawar ƙungiyar likitocin tiyata yakan ajiye *Dr* ya koma *Mr*, mace kuma ta koma *Miss* ko *Ms* ko *Mrs*, kuma da alfahari suke yin hakan. Asalin abin wanzanci ne. A Ingila ta da, masu tiyata ba jami'a suke zuwa ba, sana'ar suke koya a hannun ubangida, har ma a 1540 aka haɗa su ƙungiya ɗaya da masu aski a Landan, ba su rabu ba sai a 1745. Sunan da a da yake nuna ba su kai likitoci ba, shi ne yau ya zama tambarin ƙwarewa. A Amurka babu wannan al'ada, likitan tiyata *Dr* ne kamar kowa.

Digirin girmamawa kuwa, wanda jami'a ke ba attajiri ko ɗan siyasa ranar yaye ɗalibai, al'adar Turanci ita ce a ambace shi a bayan suna ko a cikin tarihin mutum. Ba a saba mayar da shi *Dr* na kullum ba, ko da yake a Najeriya wanda ya tsallake shi a katin biki yana iya rasa gudummawar babban baƙo.

Wurin da masu gabatar da jawabi a taro suka fi zamewa shi ne bambancin *His* da *Your*. Hausa ta raba waɗannan biyu tsaf: Mai Girma Gwamna ake cewa idan ana maganarsa, idan an fuskance shi kuma a ce ranka ya daɗe. Turanci kalma ɗaya kawai yake juyawa. *His Excellency* na wanda ake ba da labarinsa ne, *Your Excellency* na wanda ake kallon idonsa. Mai riƙe da makirufo da ya juya ga gwamna ya ce masa *His Excellency, you are welcome* ya yi kamar wanda ya dubi sarki ya ce "ransa ya daɗe". Haka abin yake ga sarakuna: Mai Martaba shi ne *His Royal Highness* a rubuce, *Your Royal Highness* a gabansa. Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda ya hau gadon sarauta a 2006, *His Eminence* ake rubuta masa, a gabansa kuma *Your Eminence*.

A ce sakataren wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai zai gayyaci Gwamnan Borno, Babagana Umara Zulum, wanda ya kama mulki a 2019. Mutumin farfesa ne, injiniya ne, gwamna ne, kuma hannun sakatare zai yi ta ƙaiƙayin ya jera su duka har da Alhaji, domin a Hausa yawan kirari yawan girma. Turancin ofis ba ya son tari. Laƙabin kujera ɗaya ake ɗauka, a ƙara na ilimi mafi girma guda ɗaya. *Professor* ya riga ya haɗiye *Dr*. A bayan ambulan da saman wasiƙa sai a rubuta:

```
His Excellency,
Professor Babagana Umara Zulum,
Governor of Borno State
```

A buɗe wasiƙar da *Your Excellency*, a ci gaba da haka duk inda za a fuskance shi. Kalmar *Executive* da ake yawan liƙawa kafin *Governor* ado ce ta masu shirya taro. Kundin tsarin mulki na 1999 gwamna kawai ya sani. Wajen rufewa kuma akwai tsohuwar ƙa'idar Birtaniya da makarantun Najeriya ke koyarwa: wasiƙar da aka buɗe ba tare da suna ba, irin ta *Dear Sir*, da *Yours faithfully* ake rufe ta, wadda aka ambaci suna kuma, kamar *Dear Professor Jega*, da *Yours sincerely*. Sakataren kuma kada ya sa wa kansa *Mr* ko *Hon.* a wurin sa hannu. Laƙabin girma wasu ke ba mutum, ba ya naɗa wa kansa rawani.

Malaman addini kowane da tsarin gidansu. Na Musulunci sun huta, domin Turanci ya karɓi *Sheikh* da *Imam* da *Malam* yadda suke, haka ma *Alhaji* da *Hajiya*. Sharaɗi ɗaya ne, kada a haɗa su da *Mr*. Wanda aka kira Alhaji ya riga ya sami laƙabi, *Mr Alhaji* kuwa kuskure ne na baƙon da ya zaci Alhaji sunan yanka ne. A ɓangaren Kirista, limamin Katolika *Father* ne. *Reverend* kuma a asalinta siffa ce mai nufin abin girmamawa, shi ya sa Turancin Birtaniya na gargajiya ke son a sa *The* a gabanta, a biyo da cikakken suna, ba sunan ƙarshe kaɗai ba. Bishop na Katolika a Najeriya, kamar Matthew Hassan Kukah da ke Sakkwato tun 2011, *Most Rev.* ake rubuta masa, a gabansa a ce *My Lord*. Kadinal, kamar John Onaiyekan da ya sami muƙamin a 2012, *His Eminence* ne, wato laƙabi ɗaya da na Sarkin Musulmi. A kotu ma ana jin *My Lord* ɗin ga alƙalin babbar kotu, na majistare kuma *Your Worship*. Ba'amurke dai *Your Honor* ya sani.

Dattijon da ba shi da kujera ko digiri shi ne ya fi wuyar kira, domin Turanci ba shi da Baba da Kawu da Inna na wanda ba dangi ba. 'Yan Najeriya sun cike gurbin da *Daddy* da *Mummy* da *Uncle* da *Aunty*, kuma a Kaduna ko Abuja babu mai ganin aibinsu. A Birtaniya kuwa, ɗalibin da ya kira tsohuwar malamarsa *Mummy* zai jefa ta cikin ruɗani. *Ma* ɗin da aka saba a nan ma ba haka ake faɗa a can ba, *Madam* ce a wasiƙa. Abin da ake yi shi ne a fara da laƙabi da sunan ƙarshe, a jira. Sau da yawa farfesa mai furfura zai amsa saƙon ya sa hannu da sunan yankansa kaɗai, alamar ya ba da izinin a kira shi da shi. Ga yaron da ya tashi a gidan da uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, wannan izini yana da nauyi a baki, kuma da yawa sukan ci gaba da *Dear Professor* har su gama karatun. Ba a cika jin haushin hakan ba. Mafi yawa malamin yakan sake tunatarwa sau ɗaya ko biyu, sannan ya ƙyale.